Yadda Ake Daidaita Wutar Gas da ta Murhun Lantarki da Girman Tukunya

Ƙanwata ta tare a Hotoro da kayan kicin sababbi fil, murhun gas mai kai huɗu da ɗan murhun lantarki mai faranti biyu. Kwana tara da tarewa ta kira ni, muryarta kamar za ta yi kuka. "Yaya, shinkafata kullum ƙasa ta ƙone, sama kuma ba ta nuna ba. Ko tukwanen ne ba su da kyau?" Da na je, sai na tarar da ƙaramar tukunya a kan babban kai, wuta ta zagaye ta har tana lasar mariƙi, robar mariƙin ta fara narkewa. Yarinyar nan ta iya girki, a hannun Hajiyarmu ta koya, amma a kan gawayi da risho. Abin da ba a gaya mata ba shi ne, "rage wuta" da ake faɗa a girki ba shi da lamba ɗaya. Wutar da za ta zama ƙarama a ƙarƙashin tukunyar lita 5, ita ce babba a ƙarƙashin tukunyar shayi. Saboda haka abin dubawa shi ne gindin tukunya da motsin ruwan da ke ciki, lambar maɓalli kuwa sai ta biyo baya.

Fara da auna gindin tukwanenki

Ki kifa tukwanen da kike amfani da su kullum, ki sa tef ɗin tela ki auna faɗin gindin, wato inda yake taɓa wuta. Kada ki auna baki, domin yawancin tukwanen da ake sayarwa a Sabon Gari bakinsu ya fi gindinsu faɗi, wasu da santimita 2 ko 3. A yawancin gidaje za ki samu kashi uku: ƙarama mai santimita 14 zuwa 16 ta shayi da dafa ƙwai, matsakaiciya mai 18 zuwa 20 ta miya, sai babba mai 24 zuwa 26 ta shinkafa da tuwo.

Kawunan murhun gas ma haka aka ƙera su. Ƙaramin kai yana ba da zafin kusan kilowat 1, matsakaici kusan 1.75, babba kusan 3. Ƙaramin na tukunyar da ba ta wuce santimita 16 ba ne, matsakaicin na 16 zuwa 20, babban kuma daga 22 zuwa sama. A murhun lantarki mai baƙin faranti, ƙaramin farantin yakan kai santimita 14 da rabi, ƙarfinsa wat 1000, babban kuma santimita 18, wat 1500. In kin ga jan ɗigo a tsakiyar faranti, wannan mai saurin zafi ne, ya fi na kullum ƙarfi da kusan wat 500. Ki leƙa takardar da aka manna a ƙasan murhun ko bayansa, a nan ake rubuta ainihin ƙarfinsa.

Gas: ki sunkuya ki kalli wutar

Da farko ki san hanyar maɓallin. A yawancin murhuna, in kin murɗa hagu, alamar babbar wuta za ki fara tararwa, ƙaramar wuta tana can ƙarshen murɗawa. Mutane da yawa sukan rage wuta ta hanyar komawa baya wajen kashewa. Wannan kuskure ne mai haɗari, domin a tsakanin babbar wuta da kashewa wutar ba ta da tsayayyen matsayi, iska kaɗan za ta hure ta, gas ya ci gaba da fita ba ki sani ba. Ragewa ana yin ta ne gaba, zuwa alamar ƙaramar wuta, inda masu ƙera murhun suka ƙayyade ta yadda ba za ta mutu ba.

Ki ɗora tukunyar, ki kunna, sannan ki sunkuya ki kalli gindin daga gefe. Babbar wuta ita ce wadda harsunanta suka bazu suka kusa kai gefen gindi, amma suka tsaya da saura kamar faɗin yatsa. Da zarar kin ga harshen wuta ya lanƙwaso ya hau jikin tukunya, kin wuce iyaka, ko da maɓallin bai kai ƙarshe ba. Wannan wutar da ta hau gefe kicin take ɗumamawa, tana ƙona mariƙi, tana kuma ƙona miyar da ta fantsama a bangon tukunya daga ciki, shi ya sa wani lokaci miya takan yi ƙauri alhali ƙasanta bai kama ba. Matsakaiciyar wuta takan rufe kamar rabin gindi zuwa kashi biyu cikin uku. Ƙaramar wuta kuwa 'yan gajerun shuɗɗan haƙora ne da suka zagaye kan murhun, da ƙyar suke taɓa tukunya.

Ga inda girman tukunya yake da tasiri sosai. Babban kai, ko an rage shi har ƙarshe, yana ba da zafin da ya kusa kai na ƙaramin kai in an buɗe shi sosai. Saboda haka ƙaramar tukunya ba za ta taɓa samun ƙaramar wuta a kan babban kai ba, duk yadda kika murɗa. Abin da ya samu ƙanwata ke nan. Akasin haka ma yana da illa: babbar tukunya mai siririn gindi a kan ƙaramin kai da aka buɗe sosai, zafin yakan taru a tsakiya kamar kwabo, can ne kawai zai kama, gefe kuwa bai dahu ba. In kin wanke tukunya kika ga baƙin da'ira a tsakiya, kai ya yi mata ƙanƙanta ko wuta ta yi yawa a wuri ɗaya. In zobe ne baƙi a gefe-gefe, kai ya yi mata girma.

Launin wuta kuma shuɗi ake so. Lokacin hunturu, ƙurar da ke cikin iska takan sa wuta ta riƙa walƙiyar ruwan lemo jefi-jefi, wannan ba komai ba ne. Amma in wutar ta zama ruwan ɗorawa, ta yi tsayi tana lilo, gindin tukunya yana baƙi, to gas ba ya ƙonewa daidai. Ki kashe, ki bari ya huce, ki cire kan ki wanke ramukan da tsohon buroshin haƙori, ki shanya, ki mayar ya zauna daram. Irin wannan wutar tana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, don haka kada sanyin hunturu ya sa ki rufe tagar kicin ruf. In an wanke bai gyaru ba, a kira mai gyara.

Gwajin ruwa

Wannan shi ne aikin da na fi so kowa ta yi, sau ɗaya tak, kuma ba ya cin rabin awa. Ki zuba ruwa rabin tukunyar da kika fi amfani da ita, ki ɗora a kan da ya dace da ita, ki rufe, ki ba ta babbar wuta har ta tafasa. Ki buɗe ki duba: ruwa yana birkicewa ko'ina, ko kin juya da ludayi ba ya lafawa. Wannan ita ce cikakkiyar tafasa. Sai ki rage a hankali, ki jira minti ɗaya, har ki kai inda kumfa ke tasowa a kai a kai a duk faɗin tukunya amma ruwan ba ya tsalle. Wannan ce matsakaiciya. Ki ƙara ragewa har sai saman ruwa yana ɗan rawa kawai, ƙananan kumfa suna fitowa ɗaya-ɗaya, bul, bul. Wannan ce wutar sulala da turara. Ki sa ɗigon jan farce ko ɗan tef a jikin murhun daidai inda maɓallin ya tsaya a waɗannan wurare biyu.

Yanzu ki mayar da murfi ki jira minti biyu. Za ki ga ruwan da ke rawa kawai ya koma tafasa. Murfi yana tare tururi, tururi kuwa shi ne babbar hanyar da zafi ke gudu daga tukunya. Don haka in za ki rufe, wutar ta ƙara yin ƙasa da inda kika sa alama.

Akwai abin da ya kamata ya zauna a ran duk mai girki. Ruwa in ya tafasa, zafinsa ba ya ƙaruwa. A bakin teku digiri 100 ne, a nan Kano da muke sama da teku da 'yan ɗaruruwan mita, kusan 98 ne. Ko kin buɗe gas har ƙarshe, a nan zai tsaya, ƙarin wutar ruwa kawai yake ƙonarwa. Wake ko ganda da ke ɓararraka a babbar wuta ba za su riga wanda ke tafasa a hankali nuna ba. Babban kai in an buɗe shi duka yana shan gas wajen giram 220 a awa. Awa biyu ta dafa ganda ta haura giram 400 ke nan, alhali in an rage wuta an rufe, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan zai ci. Ga mai cika silinda mai kilo 6, wannan bambanci kwanaki ne.

Murhun lantarki

A nan babu harshen wuta da za ki kalla, kuma zafi ta taɓawa yake shiga tukunya. Sharaɗi na farko ke nan: gindi ya zama shimfiɗaɗɗe. Ki kifa tukunya ki ɗora rula a gindinta, in kin hango haske a ƙarƙashin rular, tukunyar ta lotsa ko ta kumbura, za ta yi jinkiri kuma ta ƙona abinci a wurin da ya taɓa. Tukunyar dalma mai zagayayyen gindi ta gawayi da itace ce, a bar ta can. Sharaɗi na biyu, gindi ya rufe farantin gaba ɗaya, ya yi daidai da shi ko ya ɗara shi da santimita 1 ko 2. In tukunya ta gaza faranti, wutar da kika saya a mita tana tashi a banza, kuma duk abin da ya zubo a kan jan ƙarfe zai sauka. In ta fi shi da yawa, tsakiya ce ke dahuwa, sai kin riƙa juyawa.

A maɓalli mai lamba 1 zuwa 6, ki ɗauki 1 da 2 a matsayin wutar sulala, 3 da 4 matsakaiciya, 5 da 6 babba. A murhun gilashi mai 1 zuwa 9, sulala tana 2 zuwa 3, matsakaiciya 4 zuwa 6, babba 8 da 9. Mafari ne kawai waɗannan, gwajin ruwa shi zai ba ki lambar murhunki. Tukunyar santimita 16 mai ruwa kaɗan za ta iya sulala a 1, ta santimita 20 cike da miya ta buƙaci 2 ko 3 a faranti guda. Ƙananan murhunan tebur da yawa kuma ba sa rage ƙarfi, kunnawa da kashewa suke yi da kansu, za ki ji ƙas, ɗan fitilar ya mutu, can ya dawo. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi su.

Halin da ya fi ba sababbin masu amfani wahala shi ne nauyin jiki. Gas in kin rage, nan take ya ragu. Faranti kuwa dunƙulen ƙarfe ne, yana ɗaukar mintuna kafin ya yi zafi, yana ɗaukar mintuna kafin ya huce. In kika jira madara ko kunu ya taso sannan kika murɗa daga 6 zuwa 2, ya riga ya zube. Dabarar ita ce ki riga shi: da kin ji tukunya ta fara kuka, ƙananan kumfa sun jeru a gefe, ki rage tun a lokacin, sauran zafin zai ƙarasa tafasar. In ta kuɓuce miki, ki janye tukunyar gefe na minti ɗaya. Mai faranti biyu tana da hanya mafi sauƙi, ta kunna ɗayan a 2 tun da wuri, in abinci ya tafasa ta mayar da tukunyar can.

Sai matsalar da mu a nan muka sani sarai, wato wuta ta zo ba ƙarfi. An ƙera farantin ne don bolt 230, kuma zafinsa yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi. In ta sauko 180, faranti mai wat 1500 bai fi 920 yake bayarwa ba, ya koma ƙasa da ƙaramin faranti. Ruwa lita 3 da ke tafasa cikin kwata ɗin awa zai kai ki sama da minti 20. In kin ga fanka tana juyi da ƙyar, ki san lambobinki sun tashi, 2 ta zama 3. Haɗarin kuwa shi ne wuta ta dawo da ƙarfi kina ɗaki, shinkafa tana kan 4. Kuma murhu mai faranti biyu, in an kunna duka, yana jan wat 2500, kusan amfiya 11. A soket ɗin bango za a sa shi kai tsaye, ban da siririyar wayar ƙari da ake cajin waya. Ki riƙa taɓa filogin, in ya yi zafi a kashe a kira mai gyaran wuta.

Akwai kuma murhun gilashi mai aiki da maganaɗisu, wanda tukunyar ce da kanta ke yin zafi. Shi yana amsa ragi nan take kamar gas, amma sai tukunyar da maganaɗisu ke kama gindinta, ta alminiyom zalla ba ya ganinta. In wat yake nunawa, sulala tana wajen 300 zuwa 500, matsakaiciya 800 zuwa 1200.

Dafa-duka ta mutum shida, daga farko har saukewa

Wannan muka dafa ni da ƙanwata a ranar, kuma na zaɓe ta ne don tana bi ta duk matakan wuta uku. Tukunya mai gindin santimita 24, shinkafa kofi 4, ruwa da romo kofi 7.

Muka ɗora a babban kai, matsakaiciyar wuta, muka zuba mai. Suyar albasa ba ta son babbar wuta, in kin ji ƙarar suya a hankali, albasa ta yi laushi cikin minti 3 zuwa 4 ba ta yi baƙi a gefe ba, wutar ta yi daidai. In mai ya fara hayaƙi, ta yi yawa. Muka zuba jajjagen tumatir da attaruhu da tattasai. Tun da kayan miya ruwa ne da su, sun sauke zafin tukunya, sai muka ɗan ƙara wuta har ruwan ya ragu. Da ya fara kauri yana tsartuwa, muka mayar matsakaiciya muna juyawa, domin abu in ya yi kauri ba ya zagayawa da kansa, na ƙasa yana zaune a ƙasa, nan da nan yake kamawa. Bayan kamar minti 12 mai ya taso sama.

Muka tsaida ruwa, muka rufe, muka buɗe wuta har harsunanta suka kusa gefen gindi. A duk girkin nan, wannan ne kaɗai wurin babbar wuta. Ya tafasa, muka zuba wankakkiyar shinkafa, muka juya sau ɗaya, muka jira ya sake tafasa, sannan muka koma matsakaiciya, murfi a ɗan karkace. Wajen minti 10 ruwa ya sauka daidai da saman shinkafa, ƙananan ramuka suka bayyana suna huci.

"Yaya, in ƙara wuta ta ƙarasa tsotsewa?" in ji ta, hannunta har ya kai kan maɓalli.

Na ce a'a, yanzu ne ma za a rage. Daga wannan lokaci tururi ne ke dafa shinkafa, ruwan da ya rage a ƙasa kaɗan ne, in wuta ta ƙone shi da sauri ƙasa ta yi ƙanzo sama ba ta nuna ba. Muka ɗauke tukunyar daga babban kai muka mayar matsakaici, muka murɗa har ƙarshen ƙaramar wuta, muka rufe ruf. Tukunyar ta fi wannan kai girma, amma a wannan mataki ba komai, tun da zafi kaɗan ake nema. In gindin tukunyarki siriri ne, ki sa tsohon kaskon ƙarfe a ƙarƙashinta ya raba zafin. Minti 15 ba mu buɗe ba. Kunne da hanci ne ke aiki a nan: huci a hankali yana nufin akwai sauran ruwa, in kin ji ƙara tas-tas kamar suya, ruwa ya ƙare, a kashe. Muka kashe muka bar ta a rufe minti 5.

A faranti mai santimita 18, tukunyar 24 ta yi girma, gara a rage shinkafar zuwa kofi 2 da rabi a tukunyar santimita 20. Suya a 3 ko 4, amma ki kunna minti 3 kafin ki zuba albasa. Tsaida ruwa a 6. Bayan kin zuba shinkafa, da kumfa ta fara dawowa ki sauko 3. Kada ki jira ramuka su bayyana, tun ruwa yana ɗan sama da shinkafa ki sauko 1, domin farantin zai ci gaba da ba da zafin 3 na wasu mintuna. Bayan minti 8 zuwa 10 ki kashe gaba ɗaya, ki bar tukunyar a kai, zafin da ya rage a ƙarfen zai ƙarasa turarar.

Tuwo ma wannan hanyar yake bi, babbar wuta ta tafasa ruwa, matsakaiciya ta talge da tuƙi, ƙarama ta sulala. Suyar ƙosai da doya ce ta bambanta, domin mai ba shi da iyakar digiri 98 irin ta ruwa, zafinsa hawa yake yi har ya yi hayaƙi ya kama da wuta. Ana so ya tsaya wajen 170 zuwa 180. Ki ɗiga ƙullu kaɗan, in ya nutse ya taso cikin daƙiƙa biyu ko uku yana kumfa, mai ya yi. In ya zauna a ƙasa bai yi ba, in ya yi ja nan take ya wuce. Ki ɗan ƙara wuta bayan kin zuba ƙosai don sun sanyaya man, ki rage kafin ki kwashe, kuma kada mai ya wuce rabin kasko.

Masu ƙaramar silinda mai kai a samanta, kai ɗaya gare ku, babu inda za a mayar da tukunya. Ku tsaya a tukunyar da gindinta bai wuce ƙarfen da take zama a kai ba, don kada ta rinjayi silindar ta kife. In a tsakar gida ake girki, a kare iska da wani abu daga gefe, amma kada a zagaye silindar kanta har zafi ya taru a jikinta. Lokacin turara kuma, maimakon a rage wuta har ta kusa mutuwa, a bar ta ta ɗan tsaya da ƙafarta, a sa kaskon nan tsakaninta da tukunya.